Gargaɗi ga Masu Rubuta Sakamakon Bincike: Ku Daina Kiran Tazarar Amincewa Yiwuwa

Wannan kira ne na gaggawa ga ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu, da malaman da ke duba musu, da jami'an lafiya masu haɗa rahoton ƙidaya, da 'yan jaridar da ke karanta wa jama'a sakamakon bincike a rediyo. Akwai jimla guda da ta zama ruwan dare a rubuce-rubucenmu, kuma kuskure ce. Mai bincike zai samu tazarar amincewa, wadda ake gani a mujallu da allon kwamfuta a matsayin `95% CI`, sai ya rubuta cewa akwai yiwuwar kashi 95 cikin ɗari ainihin adadin yana tsakanin wannan lamba da waccan. Lissafin da ya haifi tazarar bai faɗi haka ba, kuma ba zai iya faɗa ba. Duk wanda ke da wannan jimla a cikin rubutun da bai miƙa ba tukuna, ya tsaya ya gyara ta. Malamin da ya gan ta a kundin ɗalibi kada ya sa hannu sai an cire ta.

Abin da lambar 95 take nufi

Mu ɗauki misalin da za mu lissafa da hannu. A ce an zaɓi yara 400 ta hanyar ƙuri'a daga wata ƙaramar hukuma, aka yi musu gwajin zazzaɓin cizon sauro, aka samu ƙwayar cutar a jinin yara 100. Wato kashi 25 cikin ɗari. Da wasu yara 400 dabam aka zaɓa, da sakamakon ya ɗan sauya, wataƙila 23, wataƙila 28. Girman wannan sauyi ake aunawa da ma'aunin kuskure, sannan a gina tazara da shi:

```
SE = sqrt(0.25 × 0.75 / 400) = 0.0217
0.25 ± 1.96 × 0.0217  →  0.208 – 0.292
```

Tazarar ta fito daga kashi 20.8 zuwa kashi 29.2. A nan ne ƙafa take zamewa. Adadin yaran da ke ɗauke da cutar a duk faɗin ƙaramar hukumar ranar da aka yi ƙidayar lamba ɗaya ce tsayayya. Ba mu san ta ba, amma rashin saninmu bai sa tana yawo ba. Abin da ke sauyawa shi ne tazarar, domin kowane rukunin yara da ƙuri'a ta faɗa a kai zai ba da tasa. Alkawarin da lissafin ya ɗauka shi ne, idan aka yi ta maimaita wannan ƙidaya da wannan hanya, kusan 95 daga cikin kowace tazara ɗari za su kama ainihin adadin, kusan biyar kuma za su kuskure shi. Lambar 95 siffa ce ta hanyar da aka bi. Ita kuwa tazarar 20.8 zuwa 29.2, tunda an riga an lissafa ta, ko dai ta kama adadin ko ba ta kama ba, kuma babu wani abu a jikinta da zai nuna tana cikin casa'in da biyar ɗin ko cikin biyar ɗin.

Haka mai ƙirƙirar hanyar ya tsara ta. Jerzy Neyman, masanin lissafi ɗan Poland, ya shimfiɗa ƙa'idar a wata maƙala da ya buga a 1937, kuma da gangan ya gina ta yadda za ta yi magana a kan yawan dacewar hanya idan aka daɗe ana amfani da ita, ba tare da an ɗora wa ainihin adadin wata yiwuwa ba. Wanda yake son ya gani da idonsa, ga gajeren umarni a manhajar `R` da ke maimaita ƙidayar sau dubu a garin da muka riga muka san adadinsa kashi 25 ne:

```r
x  <- rbinom(1000, 400, 0.25)
p  <- x / 400
se <- sqrt(p * (1 - p) / 400)
mean(p - 1.96 * se <= 0.25 & 0.25 <= p + 1.96 * se)
```

Amsar za ta fito kusa da 0.95. Ku lura da abin da aka ƙirga. Tazara dubu aka jera, aka ga nawa suka dace. Babu inda aka auna yiwuwar wata guda ɗaya daga cikinsu.

Ga mai cewa duk ɗaya ne

Za a samu mai cewa wannan jayayya ce ta malamai kawai. Idan hanya tana dacewa sau 95 cikin ɗari, ai tazarar da ke hannuna ma tana da damar 95 cikin ɗari. Ga misalin da zai warware wannan.

A ce akwai sikeli mai aibi ɗaya: duk lokacin da aka ɗora buhu, ko ya ƙara kilo ɗaya ko ya rage kilo ɗaya, kuma ƙari da ragi suna zuwa daidai wa daida. Mai awo ya kafa wa kansa ƙa'ida. Zai auna kowane buhu sau biyu. In awon biyu ya bambanta, sai ya ɗauki tsakiya. In ya zo iri ɗaya, sai ya cire kilo ɗaya. Mu ƙirga dacewarsa. A rabin buhuna awon zai bambanta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma tsakiyar ita ce gaskiya. A kashi ɗaya cikin huɗu sikelin zai ƙara sau biyu, cire kilo ɗaya zai dawo da shi daidai. A sauran kashi ɗaya cikin huɗu sikelin zai rage sau biyu, mai awon ya sake ragewa, ya yi kuskure. Ke nan ƙa'idarsa tana dacewa sau 75 cikin ɗari, kuma wannan lamba gaskiya ce.

To, yanzu ga buhu guda an auna, sikeli ya nuna 99 da 101. Nauyinsa kilo 100 ne ba ko shakka, kuma duk wanda ya ce yiwuwar hakan 75 ce cikin ɗari ya rage wa tabbas daraja. Ga wani buhun, sikeli ya nuna 101 da 101. Nauyinsa ko 100 ne ko 102, kuma idan babu wani bayani na daban, babu dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya, rabi da rabi ke nan. Wanda ya ce 75 a nan ya yi wa kansa ƙarin ƙarfin gwiwa. Lambar 75 ta dace da ƙa'idar mai awo, amma babu buhu ko ɗaya da ta dace da shi. Akwai kuma ƙarin darasi. Da mun san cewa a wannan rumbu kusan kowane buhu kilo 100 ake cika shi, 102 kuwa da wuya a gan shi, da awon 101 da 101 ya karkata sosai ga 100. Wato yiwuwar buhu guda ta dogara da abin da aka sani tun kafin awo, tazarar amincewa kuwa ba ta tambayi wannan sani ba, ba ta kuma saka shi a lissafinta ba.

Inda ɓarnar take

Wannan kuskure yana da farashi, kuma farashin yana bayyana ne wajen zaɓen abin da ake bugawa. Mu yi wani lissafin misali. A ce an gwada magunguna 1,000, daga ciki 900 ba sa yin komai, 100 suna aiki. Kowane gwaji ya ba da tazarar kashi 95. Daga cikin marasa amfani 900, kusan 45 za su ba da tazarar da ta nuna akwai bambanci alhali babu, kuma kowace ɗaya daga waɗannan 45 ta kuskure gaskiya. Daga cikin masu aiki 100, a ce gwaje-gwajen ƙanana ne, rabinsu kaɗai, wato 50, suka iya nuna bambanci. Idan mujallu da jaridu suka ɗauki masu nuna bambanci kawai, abin da zai iso ga mai karatu tazara 95 ne, kuma aƙalla 45 daga cikinsu ba su ƙunshi ainihin adadin ba. Kusan rabi ke nan. Duk da haka kowace ɗaya tana ɗauke da tambarin `95% CI`, kuma babu wanda ya yi ƙarya a lissafinsa. Likitan da aka koya wa cewa kowace tazara tana da damar 95 cikin ɗari zai amince da irin wannan sakamako fiye da yadda ya cancanta, kuma marasa lafiyarsa ne za su biya.

Ɓarna ta biyu ita ce, jimlar yiwuwa tana ɓoye sharuɗɗan da aka gina tazarar a kansu. Lissafin yaran nan 400 ya ɗauka cewa kowane yaro an zaɓe shi shi kaɗai ta ƙuri'a. A aikace, yawancin ƙidayar lafiya unguwa-unguwa ake yin ta, a zaɓi wasu ƙauyuka, a gwada yara da dama a kowanne. Yaran ƙauye ɗaya suna kwana kusa da kududdufi ɗaya, don haka sakamakonsu yana kama da juna, kuma bayanin da yara 400 suka bayar bai kai na 400 masu zaman kansu ba. Idan tasirin wannan tsari ya ninka bambancin sau biyu, dole a faɗaɗa ma'aunin kuskure da kusan 1.41, sai tazarar ta koma 19.0 zuwa 31.0. Wanda ya manta da wannan gyara ya ba da tazarar da ta fi gaskiya ƙunci, kuma hanyarsa ba ta kai dacewar 95 da ya yi iƙirari ba. Idan kuwa yaran da aka gwada waɗanda aka kawo asibiti ne, to ba ƙuri'a ce ta zaɓe su ba, rashin lafiya ne, kuma babu faɗin tazarar da zai gyara wannan. Tazarar amincewa tana auna tangal-tangal ɗin ƙuri'a kaɗai. Ba ta san da kayan gwajin da zafi ya lalata ba, ba ta san da gidajen da suka ƙi buɗe ƙofa ba. Da zarar marubuci ya ce yiwuwar 95 ce gaskiya tana ciki, ya ba mai karatu tabbacin da ya haɗa har da waɗannan, alhali lissafin bai taɓa su ba.

Akwai ma alamar da kowa zai iya ganewa. Ku sa wancan lissafi a kan mutum 30 da aka ba magani, ba a samu ko ɗaya da ya yi wa illa ba. Tazarar za ta fito daga sifili zuwa sifili. Babu mai hankalin da zai ce yiwuwar 95 ce maganin ba ya illa ga kowa. Hanyar ce ta gaza, domin ba ta aiki da ƙaramin samfuri ko adadin da ya matso sifili. A irin wannan hali ana komawa ga hanyar Wilson ko ta Clopper da Pearson, ko a yi saurin kimantawa ta raba uku da yawan mutanen, wanda zai nuna cewa illar da ta kai kusan kashi 10 ba ta saɓa wa abin da aka gani ba.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa wannan tuntuɓen 'yan koyo ne. A 2014 Rink Hoekstra da abokan aikinsa sun buga binciken da suka yi a ƙasar Holan, inda suka nuna wa ɗaliban shekarar farko 442 da masu bincike 120 a fannin nazarin halayyar ɗan Adam tazarar da ta kama daga 0.1 zuwa 0.4, tare da jimloli shida na fassararta, dukkansu kuskure. A matsakaici, kowane rukuni ya amince da fiye da uku daga cikin shidan, kuma gogewar masu binciken ba ta raba su da ɗalibai ba. Shi ya sa ba a dogara da cewa an ga jimlar a wata babbar mujalla.

Yadda za ku rubuta

Ga sakamako na gaske da za mu gwada a kai. Gwajin RECOVERY, wanda Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitocin Birtaniya a 2020, ya ba majinyatan korona 2,104 maganin dezametazon, ya kwatanta su da 4,321 da suka samu kulawar da aka saba. Cikin kwana 28, kashi 22.9 na rukunin farko sun rasu, kashi 25.7 na rukuni na biyu. Ma'aunin kwatancin mace-macen ya fito 0.83, tazarar kashi 95 kuma daga 0.75 zuwa 0.93. A wannan ma'auni, 1 na nufin babu bambanci, ƙasa da 1 na nufin raguwa.

Rubutun da ya kamata a guje wa shi ne: akwai yiwuwar kashi 95 cewa maganin yana rage mace-mace da kashi 7 zuwa 25. Rubutun da ya dace zai kasance kamar haka: an kimanta cewa maganin ya rage mace-mace da kusan kashi 17 cikin ɗari, a ƙarƙashin sharuɗɗan lissafin, bayanan sun yi daidai da raguwar da ta kama daga kusan kashi 7 zuwa kashi 25, hanyar da aka bi wajen gina wannan tazara tana kama ainihin adadin a kashi 95 na gwaje-gwaje irin wannan. Abu uku ke nan a jere: kimantawar, sai iyakokin biyu da ma'anar kowanne, sai kuma lambar 95 a jingine da hanya. Ga ɗan jarida mai minti ɗaya a rediyo, ya isa ya ce binciken ya nuna raguwa ta kusan kashi 17, kuma tana iya yin ƙasa zuwa 7 ko ta kai 25. Ya bar lambar 95 ɗin gaba ɗaya, babu abin da ya rasa.

Wannan gwaji yana da darasi na biyu. A cikin majinyatan da ba sa buƙatar iskar numfashi, ma'aunin ya fito 1.19, tazarar daga 0.92 zuwa 1.55. Tunda ta haɗa da 1, da yawa za su yi saurin rubuta cewa maganin ba shi da wani tasiri a kansu. Ku karanta iyakokin biyu. Ɗaya yana nuna ɗan amfani na kusan kashi 8, ɗayan yana nuna ƙarin mace-mace da ya kai kashi 55, kimantawar kanta kuma ta karkata ga illa. Abin da za a rubuta shi ne ba a ga shaidar amfani ba, kuma bayanan ba su kore yiwuwar cutarwa ba. Wannan ya sa jagororin jinya suka keɓe maganin ga masu buƙatar iskar numfashi.

Wasu jimloli biyu 'yan uwan wannan kuskure su ma a share su. Ta farko ita ce kashi 95 na mutane suna cikin tazarar. Tazarar tana magana ne a kan adadi ɗaya na jama'a baki ɗaya, kamar matsakaicin hawan jini, kuma tana ƙara ƙunci yayin da samfuri ya ƙaru, alhali bambancin da ke tsakanin mutane yana nan yadda yake. Ta biyu ita ce idan aka sake binciken, akwai damar 95 sabon sakamakon zai faɗa cikin wannan tazara. Sabon binciken ma yana da nasa tangal-tangal, don haka idan girmansu ɗaya ne, a matsakaici kusan sau 83 cikin ɗari ne kawai hakan ke faruwa.

In yiwuwar kuke so

Son sanin yiwuwar cewa gaskiya tana tsakanin lamba kaza da kaza ba laifi ba ne, tambaya ce mai kyau, kuma tana da hanyarta. Ita ce hanyar Bayes, wadda ke buƙatar mai bincike ya bayyana tun farko, cikin lambobi, abin da ya ɗauka game da adadin kafin ya ga bayanai, sannan ya haɗa shi da abin da ya gani. Haka aka yi a gwajin rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da aka buga a Disambar 2020. An samu mutum 8 da suka kamu a rukunin rigakafi, 162 a rukunin da aka yi wa allurar da ba ta da magani, aka kimanta kariyar a kan kashi 95, da tazarar Bayes daga 90.3 zuwa 97.6. Masu gwajin sun rubuta zatonsu na farko a tsarin aikin kafin sakamako ya fito, don haka suna da ikon yin maganar yiwuwa, bisa sharaɗin wannan zato.

Gaskiya ne cewa idan samfuri babba ne, kuma babu wani sani na baya mai ƙarfi, lambobin hanyoyin biyu sukan zo kusa da juna. Amma cewa babu sani na baya shi ma zato ne, kuma misalin magungunan nan 1,000 ya nuna yadda yake rushewa. Wanda yake son ya yi maganar yiwuwa, ya yi lissafin da ke ba da ita, ya kuma faɗi zaton da ya fara da shi.

Saboda haka, kafin ku miƙa kundi, rahoto ko labari, ku nemo duk inda kalmar yiwuwa ko dama ta zauna kusa da tazara. Ku tambayi kanku wace hanya ce ta haifi tazarar. In ta Neyman ce, ku mayar da lambar 95 ga hanyar, ku faɗi kimantawar da iyakokinta biyu, ku bayyana yadda aka zaɓi mutanen da ko an yi gyaran tsarin unguwa-unguwa, sannan ku ambaci kurakuran da tazarar ba ta auna ba. Malamai, ku sa ɗalibanku su gudanar da umarnin nan na layi huɗu a aji kafin su rubuta babin sakamako. Editoci, ku mayar wa marubuci da duk rubutun da ke ɗauke da waccan jimla. Da waɗannan rahotanni ake yanke shawarar maganin da za a saya da ƙauyen da za a fara kai wa gidan sauro, kuma masu yanke shawarar ba za su sake lissafin ba, abin da kuka rubuta za su ɗauka.